Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu sa hannu a rahoton hatsarin hanya a Kano: a rubuta mana abin da hoton ya nuna

Zuwa ga shugabannin da ke duba rahoton binciken hatsarin hanya su sa masa hannu a birnin Kano, ko wane irin kaki suke sanye da shi, da kuma malaman da ke koya wa ƙananan jami'ai wannan aiki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki. Ina kuma gaishe da yaranku da ke tsayuwa a tsakiyar titi cikin rana da ƙura, jama'a ta yi musu zobe, ga jini a ƙasa, ga masu mota suna ta danna musu oda a buɗe hanya. Na san aikin ba wasa ba ne, kuma ba raini ne ya sa na ɗauki biro ba.

Ni tsohon tafintan kotu ne. Na yi shekaru ina tsaye tsakanin alƙali da mutanen da ba sa jin Turanci, ina juya musu abin da ke cikin takardunku zuwa Hausa. Ina magana da yawun abokan aikina tafintoci da magatakarda, waɗanda fayilolinku ke bi ta hannunsu kullum. Ina kuma magana da yawun waɗanda ke zama a bencin baya, matan da aka bari da marayu da direbobin da ake tuhuma, waɗanda ba za su iya karanta rahoton da zai yanke makomarsu ba sai an karanta musu.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, kwanakin baya wani maƙwabcina ya kawo mini rahoton hatsarin da ya rutsa da ƙaninsa, ya ce, "Baba, karanta mini ka faɗa mini yadda abin ya faru." Na karanta tun daga sama har ƙasa, na juya hotunan, na dubi zanen, ban iya faɗa masa ba. Takardar ta zo mini sak da wata da na taɓa riƙewa a kotu shekarun baya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan ba ku labarin waccan, sannan in faɗi kokena.

Shari'ar wani saurayi ce a gaban majistare, ana tuhumarsa da tuƙin ganganci da ya yi sanadin mutuwar wani mai A Daidaita Sahu, Allah ya jiƙansa. Abin ya faru bayan sallar isha'i, a wani titi mai hannu biyu da dakali a tsakiya. Titin ya miƙe ne daga arewa zuwa kudu. Saurayin yana gangarawa kudu. Mai keken yana hannun da ke tafiya arewa, ya karyo ta yutan zai koma kudu, motar ta same shi a gefensa na dama. Tambayoyin da kotu ke son amsa biyu ne kacal. Da wane irin gudu motar ta zo? Fitilar keken tana kunne lokacin da ya shigo, ko a kashe take?

A cikin fayil ɗin akwai hotuna shida. An rubuta a ƙarƙashin na farko "wurin hatsari", na biyu ma "wurin hatsari", sai "motar wanda ake tuhuma", sai "keken mamaci", sauran biyun ba a rubuta komai ba. Akwai zane mai akwati biyu, A da B, da alamar kuros a tsakaninsu. A jikin rahoton an ce motar ta bar "dogon shatin burki". An kuma ajiye ƙwan fitilar keken a cikin ambulan da aka rubuta wa "fitila". Jami'in da ya yi binciken an sauya masa wurin aiki, bai samu zuwa ba da shaida ba sai bayan fiye da shekara biyu. Da lauya ya miƙa masa hoto na biyu ya tambaye shi ina ya tsaya lokacin da ya ɗauka, kuma ina ya fuskanta, sai ya juya hoton, ya yi shiru, ya ce ba zai iya tunawa ba. Gaskiya ya faɗa, domin tsakanin wannan dare da wannan rana ya je wuraren hatsari da shi kansa bai san iyakarsu ba.

Matar mamacin tana zaune da goyo a bayanta. Da aka tashi ta biyo ni bakin ƙofa ta ce, "Malam, ni ban gane ba, wa ya shiga wa wani?" Ban samu abin da zan ce mata ba. An sallami saurayin saboda babu hujjar da ta tsaya da ƙafarta. Ita ba ta samu abin da za ta riƙe ta nemi haƙƙin 'ya'yanta da shi ba. Shi kuma bai fita da wankakken suna ba, don a unguwa cewa aka yi kuɗi ne suka fitar da shi.

Kokena na farko a kan hotuna ne. Muna cewa gani ya kori ji, kuma na lura da yawa daga cikin jami'ai sun ɗauka da zarar sun maƙala hoto a fayil sun gama bayani. Amma wanda ya gani shi ne wanda ya je. Alƙali bai je ba, lauyoyi ba su je ba, kamfanin inshora bai je ba. Hoton da ya kai gare su kuwa ya sha wahala a hanya. An ɗauka da waya da dare, an tura ta WhatsApp, wanda ke matse hoto ya kuma goge bayanan ranar da lokacin ɗauka da ke ɓoye a cikinsa idan aka tura shi a matsayin hoto. An buga a shagon bakin hanya, an yi fotokwafi, an sake yin fotokwafin fotokwafin don lauyan ɗaya ɓangaren. Abin da ke zuwa hannuna baƙin dunƙule ne mai ɗigo-ɗigon fari. Shatin burki baƙi ne a kan baƙar kwalta, shi ne farkon abin da ke ɓacewa. Rawayan fentin keke da ya goga a jikin farar mota ya koma toka-toka. A wannan hali rubutun da ke ƙarƙashin hoton shi kaɗai ne ya rage, kuma shi ne aka bar wa kalma biyu.

Kowane hoto yana buƙatar a amsa masa tambaya huɗu a rubuce. Ina mai ɗauka ya tsaya? Ina ya fuskanta? Mene ne ake son mai kallo ya gani, kuma a wane ɓangare na hoton yake? Ƙarfe nawa aka ɗauka? Da ni aka ba wa hoto na biyu na waccan shari'a in rubuta masa bayani, ga irin abin da zan so in karanta wa matar nan. Alƙaluman misali ne na sa, tunda na gaskiyar babu wanda ya auna.

"Hoto na 2. An ɗauka da ƙarfe 9:10 na dare, da hasken kyamara. Mai ɗauka yana tsaye a layin da ke kusa da dakalin tsakiya, a hannun masu tafiya kudu, mita 25 arewa da yutan, yana fuskantar kudu, wato inda motar ta dosa. A ƙasan hoton ana ganin farkon shatin taya guda biyu baƙaƙe, sun miƙe zuwa tsakiyar hoton inda motar take tsaye. Dakalin tsakiya yana hagun hoton. Falwayar da aka yi awo daga gare ta tana damansa. Keken ba ya cikin wannan hoto, motar ta kare shi, a duba hoto na 4."

Wannan bai kai aikin minti uku ba. Ko hoton ya zama gawayi, mai karatu ya san inda aka ajiye shi da abin da ke gabansa.

Hotunan kansu kuma suna da tsari, daga nesa ake farawa a matso. Na farko ya ɗauki wurin gaba ɗaya daga inda kowane direba ya fito, a tsayin idon mutum, don a ga abin da kowannensu ke iya hangowa. Na tsakiya ya haɗa abin shaidar da wani abu da ba ya motsi, a ga tarkacen gilas da bakin dakali a hoto guda. Na kusa ya cika hoton da abin shi kaɗai, a ɗauka sau biyu, ɗaya babu komai a gefensa, ɗaya da rula kwance kusa da shi. In babu rula, duk wani kati mai girman katin banki zai yi, domin tsawonsa sananne ne, santimita 8.5 da ɗan ɗoriya, sai a rubuta cewa shi aka sa. Hoton kusa da babu ma'auni a cikinsa ba ya faɗa wa kowa ko lotsewar faɗin tafin hannu ce ko faɗin faifai. A fayiloli da yawa na kusa kaɗai nake gani, karyayyen ƙarfe ya cika takarda, babu mai iya cewa a ina yake kwance.

Akwai kuma maganar dama da hagu, wadda na sha ganin ta cinye rabin zaman kotu. Jami'i ya tsaya a gaban mota yana kallonta, ya rubuta "fitilar dama ta fashe", alhali damansa ce, ba ta motar ba. Dama da hagun mota daga kujerar direba ake lissafa su, yana fuskantar gaba. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ƙara abin da kowa ya sani, a ce ɓangaren direba ko ɓangaren mai zaman banza. A shari'ar da na ba ku labari wannan ba ƙaramin abu ba ne. Keken da ya fito daga yutan ta hagun mota yake ɓullowa, ɓangaren direba. Idan lotsewar tana can, labarin ya daidaita. Idan tana ɗaya ɓangaren, keken ya riga ya ratsa gaban motar kafin a buge shi, ma'ana ya ɗan jima a kan titin, kuma dole a tambayi direban me ya hana shi ganinsa.

Kokena na biyu, wanda ya fi ci mini rai, shi ne zane. Wurin hatsari a garinmu ba ya daɗewa. Kafin jami'i ya iso, bayin Allah sun ɗauki wanda ya ji rauni zuwa asibiti, kuma daidai suka yi. An tura keken gefe don hanya ta buɗe. Yara sun tsince tarkace, motoci sun bi ta kan sauran. In mutuwa aka yi, washegari an yi jana'iza. Ba za a ce kotu ta je ta gani da idonta bayan shekara biyu ba, domin shatin ya goge tuntuni, wani lokaci ma titin kansa ya sauya. Duk wanda ya san Ƙofar Nasarawa ko Dangi kafin a yi gadoji ya san abin da nake nufi. Yutan ɗin da ake gardama a kansa ana iya toshe shi a buɗe wani a gaba. Zanen da aka yi a daren shi ne kaɗai wurin da wannan titi zai ci gaba da zama yadda yake, don haka tun ran gini tun ran zane.

Akwati biyu da kuros ba zane ba ne. Zane yana buƙatar kibiya mai nuna arewa. A nan ina roƙon a yi hattara, domin mu gabas ɗinmu ta baki ita ce alƙibla, alhali alƙiblar Kano ta karkata arewa da gabas ta ainihi da kimanin digiri 20. Jami'in da ya dubi masallacin gefen titi ya fitar da arewa daga nan ya karkatar da zanen gaba ɗaya. Yawancin wayoyi suna da kamfas, a yi amfani da shi, a kuma rubuta a bakin kowane titi a zanen inda ya dosa, a ce "zuwa cikin gari" ko "zuwa Zariya", don wanda ba ya gane kibiya ya gane wannan. Zane yana buƙatar faɗin titi da yawan layukansa. Yana buƙatar a faɗi ko an zana shi bisa ma'auni ko kuwa da ido aka zana aka rubuta awo a jiki. Dukansu biyu suna da amfani, muddin an faɗi wanne ne.

Sama da duka yana buƙatar awo daga abin da ba ya tashi. Teburin mai shayi yana tashi, motar da aka faka tana tashi, kwantenar mai caji ma ana ɗauke ta. Falwaya mai lamba a jiki, kusurwar kwalbati, ƙarshen dakalin tsakiya, kusurwar ginin siminti, waɗannan su ne abin dogaro. A zaɓi biyu, a auna tsakaninsu, sannan a auna kowane abin shaida daga dukansu biyun. A misalinmu, a ce falwaya tana gefen yamma, mita ɗaya daga bakin kwalta, hannun masu tafiya kudu kuma faɗinsa mita 7.3, ƙarshen dakalin da ke kudancin yutan yana daidai saitinta. Tsakaninsu mita 8.3 ke nan. Sai rahoton ya ce: "Sabuwar karta a jikin kwalta, tsawonta santimita 40, tana mita 6.9 daga falwaya, mita 3.0 daga ƙarshen dakali, ta arewa da layin da ya haɗa su." Kalmar "ta arewa" ɗin nan dole ce, domin awo biyu kan haɗu a wuri biyu, ɗaya a kowane ɓangare na layin. Da waɗannan lambobi, ko bayan shekara goma, mutum zai ɗauki takarda ya maido da kartar inda take, ya ga cewa tana cikin layin da ke kusa da dakali, kimanin mita 1.8 daga saitin bakinsa.

Na zaɓi karta ne da gangan. Da yawa ana ɗora kuros ɗin nan a inda aka ga tarin gilas, a rubuta "inda aka yi karo". Gilas yana tafiya da gudun motar, ya zube a gaba, ƙafafun jama'a kuma su watsa shi. Abin da ya fi nuna wurin haɗuwa shi ne kartar da ƙarfe ya yi wa kwalta lokacin da nauyi ya danne shi, ko inda shatin taya ya karkace farat ɗaya. In kuwa wani ne ya nuna wurin da yatsa, to a rubuta haka, a ce direba ne ya nuna, ko wani mai shago. Haka nan keken da aka tura gefe, a zana shi inda aka same shi, a rubuta cewa an riga an gusar da shi kafin isowar jami'i. Alƙali yana da haƙƙin sanin abin da jami'i ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa.

Yanzu ga "dogon shatin burki". Ranku ya daɗe, dogo a wurin wa? Masu binciken hatsari suna da lissafin da suke fitar da gudu daga tsawon shati:

```
v = √(254 × f × d)
```

A nan d shi ne tsawon shatin da mita, f kuma yadda taya ke kama titi, wanda a busasshiyar kwalta mai tsabta yakan kai wajen 0.7. Amsar tana fitowa da kilomita a awa. Shatin mita 9 yana ba da kimanin 40. Shatin mita 20 yana ba da kimanin 60. Iyakar gudun ƙaramar mota a cikin gari 50 ce. Mutum mai ido zai iya kiran kowanne daga cikin shatin biyu dogo, alhali ɗaya yana ƙarƙashin doka, ɗaya ya haura ta. Wannan lamba guda da ba a auna ba ita ce rabin shari'ar saurayin nan.

Lissafin yana da iyakarsa, kuma iyakar ce ta sa bayanin titi ya zama dole. Abin da yake bayarwa mafi ƙarancin gudu ne, domin motar da ta daki wani abu ta zubar da wani gudun a jikinsa, wanda shati bai nuna ba. Sannan idan rairayi ya kwanta a kan kwalta, kamar yadda yake taruwa a gindin dakalin titunanmu, kamun taya yana raguwa. A ce ya sauko zuwa 0.5, wannan shatin na mita 20 zai ba da kimanin 50 ne, ba 60 ba. Don haka jimla ɗaya da ke cewa kwaltar a bushe take ko a jiƙe, da rairayi ko babu, gangare ne ko shimfiɗe, tana iya zama tsakanin ɗauri da sallama. Motocin zamani masu burkin da ba ya kulle taya kuma shatinsu dishi-dishi ne, ko babu shi sam, saboda haka rashin shati ba ya nufin direba bai taka burki ba. Ba na neman ƙaramin jami'i ya yi wannan lissafi. Ina neman ya shimfiɗa tef, ya auna shatin kowace taya daban, ya rubuta inda ya fara da inda ya ƙare, ya bar wa masana sauran.

Kokena na uku a kan kayan shaida ne, kuma zan tsaya a kan ƙwan fitilar nan da aka sa a ambulan. Ƙwai irin na da yana da siririn zaren ƙarfe a murɗe a cikinsa. Idan fitila tana kunne zaren yana da zafi da laushi, bugu mai ƙarfi kan miƙar da murɗinsa ya lanƙwashe. Idan gilashin ƙwan ya fashe yana kunne, iska ta shiga, zaren kan sauya launi ya yi duhu. Zaren da yake a sanyaye kuwa ko dai ya zauna yadda yake ko ya karye ƙas, yana ƙyalli. Ba kullum yake ba da amsa ba, domin bugun da bai kai ba yana iya barin zaren fitila mai kunne a miƙe lafiya, fitilun zamani marasa zare kuma ba su da wannan shaida ko kaɗan. Amma a waccan shari'a ƙwan yana da zare, kuma ya iso kotu a farfashe a gindin ambulan, an ɗora masa fayiloli shekara biyu. Babu wanda ya rubuta yadda yake a daren. Babu wanda ya rubuta inda makunnin fitilar keken yake, a kunne ko a kashe, ko kuma wani ya gwada kunna ta bayan hatsarin, abin da ke iya ɓata shaidar.

Da an rubuta cewa an ciro ƙwan daga fitilar gaban keken da ƙarfe kaza, wane ne ya ciro, gilashinsa a fashe yake ko lafiya, zaren a murɗe daidai yake ko ya miƙe ta gefe ɗaya, launinsa fari ne mai ƙyalli ko ya yi duhu, an ɗauki hotonsa na kusa mai lamba kaza, an naɗe shi a auduga a cikin ƙaramin kwali, da kotu ta samu abin da za ta miƙa wa masani. Ku lura, duk wannan kwatance ne na abin da ido ya gani. Ba a ce "fitilar a kashe take" ba, wannan hukunci ne, kuma ba na jami'in da ke bakin titi ba ne. Haka sauran kaya. A ce "gogar fenti rawaya, tsawonta santimita 30, a kusurwar bambar gaba ta ɓangaren direba, santimita 55 daga ƙasa". Tsayin daga ƙasa shi zai ba da damar a gwada da jikin keken a ga ko sun yi daidai. Kowane kaya kuma ya riƙe lamba guda a ko'ina, lambar da ke jikin ambulan ita ce a zane, ita ce a ƙarƙashin hoto, ita ce a jikin rahoto. Na sha ganin abu guda ana kiransa 3 a zane, C a hoto, a rahoto kuma ba shi da suna.

Ga abin da nake roƙo, ranku ya daɗe.

Ku fitar da takarda guda mai gurabe ta jerin hotuna, a maƙala ta a kowane fayil: lambar hoto, lokaci, inda aka tsaya, inda aka fuskanta, abin da ake nunawa, sunan mai ɗauka. Kada ku sa hannu a rahoton da wani hotonsa ba shi da layi a wannan takarda.

Ku sa a ajiye ainihin hotunan a ofis, a kwafo su kai tsaye daga wayar ko kyamarar da aka yi aiki da ita, kada su zauna a wayar jami'in da gobe za a iya yi wa canji ko a sace masa ita. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar bayanin na'urar da ta samar da irin wannan shaida da yadda aka samar da ita. A cike wannan takardar a makon da aka ɗauki hoton, lokacin da kowa ke tune da wace waya ce. Kotu da kowane ɓangare kuma a ba su bugu mai launi.

Ku ba kowace tawagar da ke fita tef mai tsawon mita 30 ko 50, da rula, da alli ko fentin fesawa na yi wa tayoyi alama kafin a ja mota, da tocila mai ƙarfi. Idan aka kwantar da hasken tocila ƙasa-ƙasa ta gefe, shati da karta suna fitowa a hoto fiye da yadda hasken kyamara ke nuna su. Kuɗin waɗannan kaya bai kai na zaman kotu guda da aka ɗage ba.

Zanen da ake sa direbobi su sa wa hannu, a karanta musu shi da Hausa tukuna, awo bayan awo, a rubuta cewa an karanta da sunan wanda ya karanta. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu. Amma tafinta abin da aka rubuta yake juyawa, kuma na sha tsayawa gaban mutumin da ya rantse bai san abin da ke cikin zanen da ya sa wa hannu a kan bonet da dare ba.

Roƙona na ƙarshe ba ya cin ko kwabo. Kafin ku sa hannu, ku zare hotunan da zanen daga fayil, ku miƙa rubutun kaɗai ga wani jami'in da bai je wurin ba, ku ba shi farar takarda ku ce ya zana titin, ya ajiye motar da keken da shatin inda rubutun ya ce suke. Sannan ku ɗora zanensa kusa da na wanda ya je. Inda suka saɓa, nan ne rahoton ya yi shiru, sai a mayar wa mai shi ya cike tun abin yana sabo a kansa, tun shatin bai goge daga kan kwalta ba. Malaman horaswa ma za su iya yin wannan gwaji a aji da tsofaffin fayilolin da aka rufe, bayan an goge sunaye. In kuna buƙatar wanda zai karanta wa ɗaliban rahoton da Hausa kamar yadda ake yi a kotu, su ji da kunnensu yadda "wurin hatsari" yake sauka a kunnen wadda ta rasa miji, ni da wasu tsofaffin abokan aikina a shirye muke mu zo, ba tare da an biya mu ba.

Fayil ɗin ƙanin maƙwabcina bai kai kotu ba tukuna, jami'in da ya je wurin kuma yana nan a garin. Ina roƙon a fara da irinsa.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Tsohon tafintan kotu, Kano.